Yadda Ake Binciken Shafin Shago a Google Duk Bayan Wata Uku

Shafin shago a Google Maps ba ya zama yadda mai shi ya bar shi. Shagon kansa yana canzawa, ana sauya layin waya, farashi na tashi, wani lokaci ma a tashi daga wannan layi a koma wancan. Bayan haka kuma akwai hannun wasu. Duk mai asusun Google zai iya buɗe shafinka ya taɓa `Suggest an edit` ya ce ka sauya lokacin buɗewa, ko ka tashi, ko ka rufe baki ɗaya, kuma Google na iya karɓar gyaran ba tare da ya jira amincewarka ba. Shi ma Google yana tattara bayani daga shafukan intanet da hotunan da mutane suka ɗora, ya yi nasa gyare-gyaren. Saboda haka binciken wata uku yana farawa ne daga waje, daga abin da baƙo yake gani, kafin a shiga ciki a taɓa komai.

Wannan jagora ta shafi Google Business Profile, wato shafin da mai shago ke kula da bayanin shagonsa a Google, wanda a da ake kira Google My Business kafin a sauya masa suna a 2021. Don maganar ta zauna a ƙasa, za mu bi misali guda har ƙarshe: shagon ɗinki da sayar da yadi a kan titin Zoo Road a Kano, mai teloli huɗu da yaron shago guda, wanda aka buɗe wa shafi shekara uku da suka wuce, aka ɗora hotuna, aka manta da shi. Aikin yana cin kamar awa biyu a karon farko. Daga baya minti arba'in ya isa.

Ranar da za a yi shi

A tsayar da makon farko na Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, a sa ƙararrawa a waya. Sai dai kasuwar tela ba kalandar Bature take bi ba, azumi da Sallah take bi, su kuma suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara. A 2024 an ɗauki azumi a Najeriya ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma ranar 1 ga Maris. Don haka duk zagayen da ya faɗo kusa da Ramadan, a jawo shi zuwa tsakiyar Sha'aban. Binciken da aka yi bayan Sallah ya makara, domin mutanen da suka fi neman tela a shekarar sun riga sun ga tsohon bayani sun wuce.

Kafin ka fara, tanadi waya biyu: taka da ke ɗauke da asusun shagon, da ta wani wanda ba shi da alaƙa da shafin. Ka tanadi littafi ko takarda guda da za ta riƙa ɗaukar sakamakon kowane zagaye.

Mataki na farko: duba shafin da idon baƙo

Da wayar ɗaya mutumin, buɗe Google Maps ka rubuta sunan shagon. Sannan ka sake nema ba da suna ba, da irin abin da mai buƙata zai rubuta, kamar `tailor Zoo Road` ko `fabric store Kano`. Dalilin amfani da wayar wani shi ne wayarka tana nuna maka fuskar mai shago, da maɓallan gyara, wani lokaci har da gyaran da ka shigar amma Google bai amince da shi ba tukuna. Kana ganin sabuwar lamba, jama'a suna ganin tsohuwa.

Ka ɗauki hoton fuskar wayar a kowane ɓangare: suna, rukunin sana'a, adireshi, lokutan buɗewa, lamba, da hotuna goma na farko. Kada ka gyara komai yanzu. Hotunan nan su ne shaidarka idan daga baya wani abu ya sauya ba da saninka ba.

Daga nan sai gwaji na zahiri, wanda shi ne mafi yawan mutane ke tsallakewa. Taɓa maɓallin kira ka ji wa zai ɗauka. Taɓa `Directions` ka ga inda hanyar ta ƙare. Taɓa `Website` idan akwai. A shagon misalinmu, kira ya shiga, amma wata mata ce ta ɗauka ta ce ba ta san wani tela ba. Layin farko da aka sa a shafin ya daɗe a aljihun tebur ba a amfani da shi, kamfanin waya ya karɓe abinsa ya sayar wa wani. Haka kamfanonin ke yi da layin da aka daɗe ba a taɓa ba, kuma an rufe layuka da yawa a 2024 saboda rashin haɗa su da lambar NIN. Lamba tana iya zama daidai a rubuce alhali ba taka ba ce kuma, kira ne kaɗai zai nuna hakan.

Maɓallin `Website` shi ma yana da tarko. Shaguna da yawa sun yi amfani da ƙaramin shafin kyauta da Google ya riƙa bayarwa, mai ƙarewa da `business.site`. An rufe waɗannan shafuka a Maris 2024. Idan naka irin wannan ne, ka cire shi ko ka maye gurbinsa da wani adireshi mai aiki.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, ka matso da taswirar a kan unguwar ka duba ko shagon ya fito sau biyu. Hakan na faruwa idan wani kwastoma ya ƙara shagon da kansa, ko wani yaron shago ya buɗe sabon shafi saboda an manta kalmar sirrin tsohon. Shafi biyu na raba sharhin kwastomomi gida biyu, kuma ɗayan yana ɗauke da bayanin da ba wanda ke kula da shi. Idan ka samu, ka kai rahotonsa ta `Suggest an edit` a matsayin maimaici, ko ka nemi Google ya haɗe su. Kafin haka ka tabbata wanne ne ke hannunka kuma wanne ne ya fi sharhi.

Mataki na biyu: wa ke riƙe da makulli

Yanzu koma wayarka. Ka rubuta sunan shagon a Google da asusun da ke kula da shi, ko ka shiga `business.google.com`. Buɗe `Business Profile settings`, sannan `People and access`. Za ka ga sunayen duk masu iko da shafin, a matsayi uku: `Primary owner`, `Owner` da `Manager`.

Nan ne ake samun babbar ɓaraka. Sau da yawa ba mai shagon ne ya buɗe shafin ba. Wani ƙane ne mai wayo da waya, ko mai shagon kwamfuta da aka biya, ya buɗe da imel ɗinsa. Shi ne `Primary owner`, mai shagon kuwa an sa shi `Manager` ko ma ba a sa shi ba. Muddin ana zaman lafiya ba a ganin matsalar. Ranar da aka ɓata, ko ya tafi karatu ya sauya waya, shafin da sharhin shekara uku suna hannunsa.

Abin da ake so a gani shi ne mai shago a matsayin `Primary owner`, da mutum ɗaya amintacce a matsayin `Owner` saboda ɓacin rana, sai ma'aikacin da ke amsa sharhi da ɗora hoto a matsayin `Manager`. Shi `Manager` yana iya gyara bayani amma ba ya iya ƙara mutum ko cire wani. Duk wanda ya bar aiki cikin wata ukun nan, a cire shi yau. Idan ana son mayar da mallakar hannunka, wanda ke riƙe da ita zai gayyace ka ka karɓa, sannan ya miƙa maka babban matsayin. Ka sani cewa sabon shiga yana jiran kwana bakwai kafin ya samu cikakken iko, don haka kada ka ɗauka wani abu ya lalace idan ka ga ba ka iya cire kowa a ranar farko. Idan kuma mai riƙe da shafin ya ɓace, akwai hanyar neman mallaka daga shafin kansa, Google zai aika masa saƙo ya ba shi ƴan kwanaki ya amsa.

Ka duba asusun Gmail ɗin kansa. Lambar da ake dawo da asusu da ita, shin tana aiki? A shagon misalinmu, layin nan da aka sayar wa wata shi ne kuma lambar dawo da asusun, wanda ke nufin saƙon sauya kalmar sirri zai tafi wayar baƙuwa. A sauya ta nan take, a kunna `2-Step Verification`, wato ƙarin tantancewa bayan kalmar sirri. Haka kuma Google na iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, saboda haka imel ɗin da aka buɗe don shafin kawai aka watsar, a riƙa shigarsa.

Mataki na uku: suna, rukuni, adireshi da ɗigon taswira

Waɗannan su ne masu haɗari. Taɓa su na iya sa Google ya nemi a sake tantance shafin, kuma kuskure a cikinsu na iya jawo a dakatar da shi. Shawara ita ce a duba su duk zagaye amma kada a gyara sai da dalili, kuma idan za a gyara, ɗaya bayan ɗaya, a bari na farko ya zauna kafin a taɓa na biyu. Wanda ya sauya suna da adireshi da rukuni da lamba a zama ɗaya, a idon Google ya yi kama da wanda ya ƙwace shafin wani yana mayar da shi nasa.

Sunan ya zama daidai da abin da ke jikin allon ƙofar shago, ba ƙari. Ana yawan ganin an lafta wa suna kalmomi irin su `best tailor in Kano` da fatan fitowa a sama. Ƙa'idar Google ta hana, kuma maƙwabcin da kuke gasa da shi na iya kai ƙara. Idan wani ya yi maka wannan ƙarin a baya, ka cire shi da kanka.

Rukuni shi ne abin da ke gaya wa Google irin neman da ya kamata ya nuna ka. Akwai babban rukuni guda, ana iya ƙara wasu har tara. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce daga ina yawancin kuɗin wata ukun nan suka shigo. Shagon misalinmu ya fara da sayar da shadda da atamfa, aka sa shi `Fabric store`. Yanzu ɗinki ne ke riƙe da shagon, yadi ya koma gefe. Babban rukuni ya kamata ya koma `Tailor`, shi kuma `Fabric store` ya sauko cikin ƙananan. Kada a cika gurabe taran don kawai suna nan. Rukunin da ba ka yi zai kawo maka kiran da ba za ka iya biya wa buƙata ba.

Sai ɗigon taswira, wanda a garuruwanmu ya fi rubutaccen adireshi muhimmanci. Lambar gida ba ta bin tsari a tituna da yawa, kuma mai adaidaita ko ɗan aike a kan babur ɗigon yake bi. Ka tsaya a ƙofar shagon, ka buɗe taswira ka juya ta zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka kwatanta shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake da jan ɗigon shagon. Idan jan yana kan rufin maƙwabci kaɗan, ba komai. Idan yana tsallaken titi, matsala ce babba a hanya mai hannu biyu da shinge a tsakiya, domin taswirar za ta sauke mutum a wancan hannun, ya duba bai ga shago ba. A `Edit profile`, ɓangaren `Location`, ana iya jan ɗigon a ajiye shi daidai bakin ƙofar da ake shiga.

Idan shagon ya tashi, a sauya adireshin a tsohon shafin, kada a buɗe sabo, domin sharhin da aka tara yana bin shafin ne. Kafin ka taɓa adireshin ka tabbata an kafa allo a sabon wurin, saboda Google na iya neman bidiyon tantancewa. Ana ɗaukarsa a tafi ɗaya ba yankewa. Ka nuna titi da wata alama ta unguwar, ka nuna allon da sunan, ka nuna kekunan ɗinki da kaya, sannan ka nuna abin da mai wurin kaɗai zai iya, kamar buɗe ƙofar da makulli. Wanda ya sauya adireshi tun allo na wurin mai fenti, zai zauna da shafi a rataye har a gama.

Bayan kowane gyara ka duba matsayinsa. Yawanci ana amincewa cikin mintuna, amma wani yakan zauna a `Pending` har makonni. Kada ka yi ta sake shigar da shi. Ka rubuta ranar a littafinka, ka leƙa da wayar wani bayan kwana biyu.

Mataki na huɗu: lokutan buɗewa

Wannan shi ne bayanin da ya fi saurin tsufa, kuma shi ya fi ɓata ran kwastoma. Mutumin da ya biya kuɗin mota daga Hotoro ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa alhali wayarsa na cewa `Open`, shi ne mai rubuta tauraro ɗaya.

Ka rubuta lokacin da ake buɗewa da gaske, ba wanda ake fata ba. Idan allo ya ce ƙarfe takwas amma yaron da ke da makulli sai tara yake isowa, tara za a sa. Ranar Juma'a a raba ta biyu. Google ya yarda a sa zango biyu a rana ɗaya, misali tara zuwa sha biyu da rabi, sannan uku zuwa takwas na dare. Wannan ya fi a bar ranar a buɗe a miƙe, mutum ya zo ƙarfe ɗaya da rabi ya tarar kowa na masallaci.

Ranakun da suka fita daban ana shigar da su ta `Special hours`, ba tare da an taɓa jadawalin mako ba. A kowane zagaye ka ɗauki kalanda ka shigar da na wata uku masu zuwa: ranakun hutu, Asabar ɗin ƙarshen wata idan garinku na tsaftar muhalli da safe kamar yadda ake yi a Kano, da kwanakin Sallah. Tunda ranar Sallah sai an ga wata, ka shigar da kwanakin da ake sa rai, ka gyara a daren da aka yi sanarwa. Idan rufewar za ta kai mako guda ko fiye, kamar telolin da ke tafiya gida bayan Sallah, `Temporarily closed` ya fi dacewa. Sai dai ka sa wa kanka tunatarwar cire shi ranar dawowa, domin ana samun shagon da ya koma aiki wata guda shafinsa na cewa a rufe yake.

Azumi kuwa wata ne cur, don haka jadawalin makon ake sauyawa gaba ɗaya. Tela a goman ƙarshe yana iya rufewa dab da shan ruwa, ya dawo bayan asham ya kai tsakar dare. A sa hakan zango biyu, a ajiye hoton tsohon jadawalin don a mayar da shi bayan Sallah.

Mataki na biyar: hotuna da farashi

Buɗe `Photos` ka duba duka, naka da na kwastomomi. Naka kana iya gogewa. Na kwastoma ba ka iyawa, sai dai ka kai rahoto idan ya saɓa ƙa'ida, misali hoton wani wuri ne daban. Hoton da ya tsufa kawai ba lalle a cire shi ba, maganinsa shi ne ka ɗora sababbi masu kyau.

Hoton da ya fi aiki shi ne na gaban shago, a ɗauke shi da rana daga tsallaken titi, yadda allon da shagunan gefe za su fito, domin da shi baƙo ke gane ya iso. Idan an sake fenti ko an sauya allo, sabon hoto ya zama dole. Bayan shi sai ɗinkuna biyar zuwa goma na wannan zangon. Ɗinkin da aka yi yayi shekara uku baya yana gaya wa mai kallo cewa shagon ya tsaya a can. Kada a ɗora fuskar kwastoma sai da izininsa, musamman mata, kuma kaya a jikin gunki ko a rataye sun wadatar. Kada kuma a ɗebo hoton wani tela daga Instagram. Google na karɓar JPG ko PNG tsakanin 10 KB da 5 MB, ya fi son girman ya kai 720 a 720, bidiyo kuma kada ya wuce daƙiƙa 30. Hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp ya riga ya dusashe, a ɗora daga wayar da ta ɗauka.

A nemi duk hoton da ke nuna farashi. Shagon misalinmu yana da hoton takardar kuɗin ɗinki da aka liƙa a bango tun kafin cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Mutum na zuwa da wannan farashi a ransa, a faɗa masa na yau, ya ga kamar an yaudare shi. A goge hoton. A ɓangaren `Services` da `Products`, abin da ba za ka iya sabunta farashinsa duk wata uku ba, gara ka bar gurbin farashin babu komai. Abin da aka daina yi kuma a cire shi.

Bayanin shago yana ɗaukar haruffa 750, ba a sa adireshin intanet a ciki, ba kuma wurin tallan rangwame ba ne. Ka karanta shi da babbar murya. Duk jimlar da ta daina zama gaskiya, kamar “muna kai kaya gida kyauta”, a cire.

Mataki na shida: sharhi

Ka jera sharhin daga sabo zuwa tsoho ka karanta na wata ukun. Amsa kowanne a taƙaice, da harshen da aka rubuta shi. Mai ƙorafi a ba shi haƙuri a kuma faɗi abin da aka gyara, kada a tona cinikinsa ko bashinsa a bainar jama'a. Amsar ba don shi kaɗai ba ce, masu karantawa daga baya su ne suka fi yawa.

Abin da ya fi amsa amfani shi ne lura da ƙorafin da ya maimaitu. Idan mutum uku sun ce sun sha wahalar gane wurin, koma kan ɗigon taswira da hoton gaban shago. Idan sun ce ba a ɗaga waya, koma kan lamba. Sharhin ƙarya ko na zagi a kai rahotonsa, amma Google ba ya cire sharhi don kawai bai yi maka daɗi ba. Sayen sharhi, ko yi wa kwastoma ragi don ya ba da tauraro biyar, ya saɓa ƙa'ida, kuma yana iya sa a share sharhin ko a takura shafin. Hanyar da aka yarda ita ce `Ask for reviews`, wadda ke ba ka adireshin da za ka tura wa wanda ya karɓi ɗinkinsa.

Mataki na bakwai: sauran wurare su faɗi magana ɗaya

Ka ajiye shafin Google gefe da WhatsApp Business, Facebook, Instagram, allon ƙofa, rasit da ledar shago. Suna, lamba, adireshi da lokaci su zama iri ɗaya. Idan Facebook na ɗauke da tsohuwar lamba, wata rana wani zai gan ta ya “gyara” maka ita a Google. A WhatsApp Business ka duba `Catalog` da `Away message`. Ba abin mamaki ba ne a samu saƙon barka da Sallah yana amsa wa mutane a watan Safar. Idan kana raba adireshin da ke kai mutum kai tsaye WhatsApp ɗinka, ga yadda ake rubuta shi:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Ba a sa alamar tarawa, ba a sa sifilin farkon lambar. Na Nijar yana farawa da 227. Ka gwada shi da wayar wani. Ka kuma sani Google ya cire hanyar hira ta cikin shafin tun Yulin 2024, don haka duk rubutun da ke cewa a turo saƙo ta Google ya tashi aiki.

Mataki na ƙarshe: alƙaluma

Buɗe `Performance` ka kwafe abubuwa huɗu a littafinka: yawan waɗanda suka ga shafin, waɗanda suka taɓa kira, waɗanda suka nemi hanya, da kalmomi biyar na farko da aka same ka da su. Kwafewar na da muhimmanci domin abin da ake nuna maka na wata shida ne kawai. Adadin kira kuma yana ƙirga taɓa maɓalli ne, ba ya nuna an ɗauka ko ba a ɗauka ba, shi ya sa shagon misalinmu zai iya ganin kira na ƙaruwa alhali duk wayar baƙuwa suke shiga.

Kada ka kwatanta zangon Sallah da wanda ya biyo bayansa, faɗuwar dole ce. Ka kwatanta Sha'aban da Ramadan na bana da na bara. A cikin zango ɗaya kuma, dangantakar alƙaluman ta fi girmansu magana. A ce mutum ɗari biyu sun nemi hanya amma sababbin fuskoki a shago ba su taka kara sun karya ba, to ɗigon taswira ko hoton ƙofa ne abin zargi. Idan kalmomin nema duk sunan shagon ne, waɗanda suka riga suka san ka ne kawai ke samun ka, sai a koma a duba rukuni. Idan kuma komai ya faɗi ƙasa lokaci ɗaya, ka leƙa imel ɗin asusun, har da akwatin `Spam`, ko akwai saƙon dakatarwa ko na neman tantancewa. In an dakatar da shafin, kada ka buɗe sabo. Ka gyara abin da ya saɓa ƙa'ida, ka tara hoton allo, takardar rajistar kasuwanci idan akwai, da takardar haya ko ta wutar lantarki mai adireshin shagon, sannan ka ɗaukaka ƙara da asusun da ke riƙe da shafin.